Babi na Huɗu: Rage Tsawon Wando

Wanda ya ajiye keken ɗinki a gida, maƙwabta ba sa fara kawo masa sabon yadi. Gyara suke kawowa, su ga hannunsa tukuna. A cikin gyaran kuma rage tsawon wando ya fi yawa, shi ya sa muka ware masa babi guda. Ku tanadi tef ɗin awo, alli, almakashi, dutsen guga da zare mai launin wandon.

Darasi na 1: Awo da layi biyu

Ku fara tambayar mai wando ko an taɓa wanke shi. In sabo ne na auduga, a wanke tukuna, domin yakan tsuke bayan wanki. Sannan ya sa wandon da takalminsa, ya miƙe tsaye, ya nuna inda yake so ya tsaya. Ku sa alama da alli a wurin. In ba zai yiwu ya sa ba, ya kawo wani wandon da ya yi masa daidai, ku auna da shi.

Ga misali. Maƙwabci ya kawo wando, tsawonsa daga ƙugu zuwa ƙasa inci 42, yana son inci 39. Ku shimfiɗa wandon, ku ɗora farkon tef, wato bakinsa na ɓangaren lamba 1, a kan ƙugu. Ku ja layi a inci 39. Wannan shi ne layi na farko.

To, ku natsu a nan. Layi na farko ba na yanka ba ne. Nan ne wandon zai tsaya bayan an gama ɗinki. Ana buƙatar sauran yadi a ƙasansa da za a kalmashe. Saboda haka ku sauka ƙasa da inci ɗaya da rabi, ku ja layi na biyu a inci 40 da rabi. A kan layi na biyu ake yanka.

Mu sake. Layi na sama na kalmasa ne, layi na ƙasa na almakashi. Mai wando ya ce a rage inci 3, amma abin da zai faɗo daga almakashinku inci ɗaya da rabi ne kawai. Idan kun yanke inci 3 cif, kuka kalmashe, wandon ya koma inci 37 da rabi, idon sawu a waje. Wando mai tsawo ana iya sake rage shi gobe, amma wanda aka yanke ba ya komawa.

Kada ku damu in kan ya ɗaure da farko, kusan kowa a nan yake tuntuɓe. Ku gwada a kan tsohuwar takarda ko tsumma har hannu ya saba. Kafin ku ɗauki almakashi, ku ƙirga layin da baki: ɗaya, biyu. In ɗaya kawai kuka gani, ku ajiye almakashin.

Na ga masu koyo da suka ji wannan bayani da kunnensu, suka ce sun gane, suka koma gida suka yanka a layi na farko. Wannan gaggawa ce, ba rashin fahimta ba. Kayan mutane ne, kuma maƙwabcin da aka ɓata wa wando kullum za ku haɗu a ƙofar gida. Ku yi wa kowace ƙafa nata awon. Layi biyu a ƙafar dama, layi biyu a ƙafar hagu, yanka a na ƙasa.

Darasi na 2: Kalmasa da ɗinki

Ku juya wandon ciki waje. Ku kalmashe bakin da rabin inci, ku goge. Ku sake kalmashewa da inci ɗaya, ku goge. In awo ya yi daidai, bakin wandon zai faɗa kan layi na farko. Kada ku tsallake guga, ita ce ke hana yadi zamewa.

Allura mai lamba 14 ta isa yadi matsakaici, mai kauri kamar jins kuma lamba 16. Ku fara ɗinki daga cikin ƙafa, inda ba a gani, kusa da bakin kalmasar. In kun iso wurin da yadi ya taru ya yi kauri, ku juya keken da hannu a hankali, kada allura ta karye. In kun zagayo, ku hau kan farkon ɗinkin kaɗan don kada ya warware.

Darasi na 3: In zare ya cukurkuɗe a ƙasa

Yawanci laifin zaren sama ne. Ku ɗaga ƙafar da ke danne yadi, ku cire zaren saman gaba ɗaya, ku sake sa shi daga farko, sannan ku gwada a kan ƙyalle.

Darasi na 4: Kuɗin aiki

Ku faɗi kuɗin aiki da ranar karɓa tun kafin ku taɓa wandon. Ku rubuta suna da awo a littafi. Guntun da kuka yanke ku ba mai shi tare da wandon.