Yadda ake mayar da ƙasidar da aka rubuta da hannu zuwa shafukan majigi

Kawuna yana da ƙasidar bege mai baiti 40 da ya rubuta da biro a littafin makaranta, kuma duk watan Rabi'ul Awwal ana rera ta a ƙofar masallacin garinmu, can wajen Ringim. Shekarar da muka fara aro majigi, ni aka ɗora wa aikin. Na buga ƙasidar, na cusa baiti huɗu huɗu a kowane shafi, a kan kwamfuta kuwa ta yi kyau ƙwarai. Da dare ya yi aka haska, sahun gaba kaɗai ke karantawa. Iyayenmu mata da ke zaune can baya a kan tabarmi, waɗanda su ne suka fi riƙe amshi, haske kawai suke gani. Abin ya dame ni, domin saboda su aka aro majigin. Ga yadda nake yi tun daga lokacin.

Kafin ka buɗe kwamfuta, ka je wurin mai ƙasidar da littafin da wayarka. Ka roƙe shi ya rera maka ita tun daga farko har ƙarshe kana naɗar muryar, idonka a kan takarda, fensir a hannu. Duk inda ya ja numfashi a tsakiyar ɗango, ka ɗiga ƙaramar alama. Rubutun hannu ba ya faɗin wannan. Mai rubutu yakan sauka layi ne saboda takarda ta ƙare masa, wani lokaci kuma ya matse kalma a gefe da kibiya. Na taɓa tambayarsa, "Kawu, wannan kalmar ta sama, a ɗango na farko kuke son ta ko na biyu?" Ya ce, "Ɗana, saurari yadda nake ja, ita za ta gaya maka." A wannan zaman ne kuma za ka sa wa kowane baiti lamba, ka tantance amshi, ka tambayi duk kalmar da tawada ta cinye. Kada ka gyara masa kalma da kanka ko da ta yi maka baƙo, sau da yawa karin waƙar ne ya sa ya gutsure ta.

Sai bugawa. Ka fara buga ta a Word ko a waya, kowane ɗango a layinsa, ba tare da ado ba. Nan haruffa masu lanƙwasa ne abin kula. Idan an rubuta "Mai sama da ƙasa" ka buga "kasa", ka kawo kalmar gazawa a inda ake ambaton Ubangiji, haka "ƙara" da "kara", "baƙi" da "baki". A waya, Gboard yana da madannin Hausa mai ɗauke da ɓ, ɗ da ƙ. A Word kuwa ka buga U+0199 ka danna Alt+X ya zama ƙ, U+0257 ya ba ka ɗ, U+0253 ya ba ka ɓ. Ka kashe AutoCorrect, don yana canza kalmomin Hausa yana ɗauka kuskuren Turanci ne. Idan ka gama, ka karanta wa mai ƙasidar abin da ka buga, shi yana duba littafinsa.

Mataki na uku ba a ɗaki ake yin sa ba. Ka je filin da za a yi taron, ka auna abu biyu: tsayin hoton da majigi zai jefa a kan yadi ko bango, daga sama zuwa ƙasa, da nisan da ke tsakanin yadin da tabarmar ƙarshe. Namu farin yadi ne mai faɗin mita 2 da tsayin mita 1.5, sahun ƙarshe kuma yana mita 15. Ƙa'idar da nake bi ita ce a raba nisan gida 200, abin da ya fito shi ne mafi ƙarancin tsayin ƙaramin harafi irin "a" ko "m". Mita 15 santimita 1500 ke nan, a raba gida 200 ya ba da santimita 7.5.

To, wace lamba ce a PowerPoint za ta ba da wannan? Tsayin shafin da aka saba da shi daidai yake da lamba 540 a ma'aunin girman rubutu. Rubutu mai lamba 54 ke nan yana cin kashi ɗaya cikin goma na tsayin hoton, wato santimita 15 a yadinmu. Ƙananan haruffan Arial kuwa kusan rabin wannan suke kaiwa, sai ga shi mun dace da 7.5 ɗin. Saboda haka 54 ne ƙasan abin da zan iya sawa a filinmu. Shekarar farko 28 na sa, wanda ba zai wuce mita 8 ana karantawa cikin sauƙi ba. In yadinka ya fi namu ƙanƙanta, ko filinka ya fi tsawo, lambar sama za ta yi.

Akwai tarko ɗaya kafin ka fara zuba baitoci. Tsofaffin majigi da yawa hoton 4:3 suke fitarwa, sabon PowerPoint kuma yana buɗewa da 16:9. Idan ka haɗa su haka, baƙin fili zai fito sama da ƙasa, rubutun ya ragu da kashi ɗaya cikin huɗu ba ka sani ba. Ka shiga Design, sai Slide Size, ka zaɓi wanda ya dace da majigin tun farko.

Yanzu ga inda aikin yake, wato yanka layi. A shafin 4:3 da lamba 54, layi ɗaya yana ɗaukar haruffa kamar 24, har da tazarar tsakanin kalmomi. A 16:9 yana kai wajen 33. Ɗangon ƙasida kuwa sau da yawa ya fi haka. Ɗauki wannan baitin ƙwar biyu a matsayin misali:

Ya Rabbi yi tsira ga Manzon rahama,
Shi ne fitilar da ta haskaka al'umma.

Ɗangon farko haruffa 35 ne, ba zai shiga layi ɗaya ba. In ka bar wa kwamfuta, ita gefen akwati kawai ta sani. Tana iya barin "rahama" ita kaɗai a ƙasa, ko ta tsaya a kan "ga", mai karatu ya rataye yana neman ga wa. Kai za ka yanka, a inda ka ɗiga alamar numfashi:

Ya Rabbi yi tsira
ga Manzon rahama,
Shi ne fitilar
da ta haskaka al'umma.

Ka danna Shift+Enter a tsakiyar ɗango, Enter kuma a ƙarshensa, sannan ka ƙara 'yar tazara tsakanin ɗango da ɗango don ido ya gane layi biyun nan abu ɗaya ne. Rabin na biyu ya fara da ƙaramin harafi. Amsa-amon, wato "ma" ɗin nan, dole ya zauna a ƙarshen layi, domin shi jama'a ke jira su sauke murya a kansa.

Wani lokaci numfashin mai rerawa da ma'ana sukan saɓa, sai ya ja iska a wurin da yanka zai ɓata zance. A nan ma'ana nake bi. Ba na raba suna da abin da ke jingine da shi, kamar "Manzon" a sama "Allah" a ƙasa. Ba na barin "da", "ga", "na" ko "ya" a bakin layi. Wanda ya fi kowanne hatsari shi ne korewa. Ɗangon da ya ce Allah ba shi da abokin tarayya, in "ba shi" ya tsaya a wani shafi, "da abokin tarayya" ya fito shi kaɗai a na gaba, ka haska wa jama'a maganar da babu Musulmin da zai so ya gani. Ɗango ɗaya ba ya rabuwa tsakanin shafi biyu ko ta halin ƙaƙa.

Baiti ɗaya, shafi ɗaya. In ƙasidar ƙwar biyar ce, ɗango biyar da aka yanka biyu biyu layi goma ke nan, ba za su shiga da lamba 54 ba. Ka raba baitin, ɗango uku a shafin farko, biyu a na gaba. PowerPoint zai so ya taimake ka ta hanyar rage girman rubutu da kansa idan akwati ya cika, sai wani baiti ya fito da 54, wani da 40. Ka hana shi: danna dama a kan akwatin, Format Shape, Text Box, ka zaɓi Do not Autofit. Amshi kuwa ka yi masa shafinsa da wani launi, kamar ruwan ɗorawa, ka kwafe shi da Ctrl+D ka jera bayan kowane baiti. Ƙasidar Kawu ta tashi shafi 81 har da na take. Yawan shafi ba ya cin komai, mai dannawa kuma gaba kawai zai riƙa yi, ba ya komawa baya neman amshi cikin duhu.

Launi ba ya buƙatar dogon tunani. Farin rubutu mai kauri a kan baƙin fage, tunda bayan isha ake yi, kuma baƙin yana ɓoye tattarar yadi. Hoton Masallacin Madina yana da kyau a shafin take, amma a bayan baiti cinye haruffa yake yi. Lambar baiti ta zauna ƙarama a kusurwa.

In ƙasidar da ajami take, hanya biyu ce. Ko ka buga ta da salon rubutun Alkalami na SIL, wanda aka tsara a kan irin rubutun Kano, ko kuma, wanda na fi so a ƙauye, ka sa mai hannu mai kyau ya sake rubuta kowane baiti a farar takarda da alƙalami mai kauri, bisa yankan da kuka yarda da shi, ka ɗauki hoto a inuwa da rana, baiti ɗaya hoto ɗaya. Wasulla da ɗigo ƙanana ne, don haka ajami yana son girma fiye da boko.

Da ka gama, ka ajiye kwafi a PDF ta Save As. Kwamfutar da za a haɗa da majigi tana iya rasa salon rubutun da ka zaɓa, sai ta musanya da wani, yankanka ya wargaje, ƙ ta koma akwati. PDF yana riƙe komai yadda ka bar shi, kuma a Adobe Reader Ctrl+L yana cika allo da shi.

Daren jajibiri ka tayar da janareta, ka rataye yadin sama da kan mutumin da ke tsaye, ka haska. Ka kai dattijo ɗaya tabarmar ƙarshe, ka nuna masa baitin da bai haddace ba ya karanta da ƙarfi, domin wanda ya haddace zai ce yana gani alhali daga ka yake karantowa. In ya yi tuntuɓe, ka ɗaga lambar zuwa 60 ka sake duba yankan. Sannan ka kunna muryar da ka naɗa, yaron da zai riƙa dannawa ya gwada da ita: ya sauya shafi daidai lokacin da mai rerawa ya kama kalmar ƙarshe ta baiti, kada ya jira ta ƙare. In Malam ya tsaya yin sharhi a tsakiya, danna B a PowerPoint yana baƙanta allon, a sake dannawa baitin ya dawo. In kuma aka nemi a maimaita wani baiti, ya buga lambar shafin ya danna Enter, saboda haka ka rubuta masa jerin baitoci da lambobin shafukansu a takarda, ka ba shi tocila.