Yadda na kauce wa ruwa a hanyar Goronyo

A watan Agusta na taso daga Sakkwato zan kai kaya Goronyo da Corolla ta. Bayan Achida, Google Maps ta ce in bar titi in yanke ta wata fadama. Da na isa, ruwa ya shanye hanyar, a waya kuwa layin shuɗi ne lafiya lau. Taswira ba ta san an saki ruwan dam ɗin Goronyo ba.

Na tsaya nesa, na tako da ƙafa. Ruwan jajawur yana tafe da karan gero, alamar yana gudu. Wani dattijo mai shanu ya soka sandarsa, ta nutse har gwiwa tun a baki.

"Baba, ƙaramar mota za ta wuce?"

"Yaro, tun jiya ko akori-kura ba ta gwada ba."

Ruwan da ya kai gwiwa zai iya shiga ta bakin iskar injin, ya kashe shi, kuma ba a ganin ko kwalbati ta karye a ƙasa.

Na juya, amma wayar ta nace sai in koma can. Sai na danna wani ƙauye da ke kan babban titi, na sa shi da "Add stop", wato maɓallin ƙara zango a hanya. Nan take ta sauya hanya. Na ƙara minti 40, na isa kafin la'asar.