Yadda ake karanta sanarwar ɗaukar aiki a gane sharaɗi na gaske da na kwaɗayi

Yaran da ke gama lisansi a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo iri biyu nake gani idan sanarwar aiki ta fito. Wani da ya hangi jerin sharuɗɗa goma sha wani abu sai gwiwarsa ta yi sanyi, ya ce ba da shi ake ba, alhali aikin nasa ne. Wani kuma ko karantawa bai yi ba ya kwashi takardu ya nufi wajen buga hatimi, ya ɓatar da jikkunansa a tambur da fotokofi kan aikin da tun a bakin ƙofa za a jefar da dosiyensa. Duka biyun abu ɗaya ne ya same su: sun ɗauka kowane layi na sanarwa nauyinsa ɗaya ne da ɗan'uwansa.

Mataki na farko, fara karatu daga ƙasa. Tsallake bayanin ƙungiya da ke sama, ka tafi kai tsaye inda aka jera takardun da za a haɗa a dosiye. Dokata ke nan: duk sharaɗin da aka nemi takardar shaidarsa, na gaske ne. Idan an ce a kawo kofin difilom mai hatimi, da takardar ɗan ƙasa, da kasiye, wato takardar kotu ta shaidar rashin laifi, wanda bai wuce wata 3 ba, da katin hukumar samar da aikin yi, da kofin permi, to waɗannan ba a ciniki a kansu. Dalili kuwa, mai tankaɗen farko sau da yawa ba shi ne wanda zai zama shugabanka ba. Ma'aikaci ne da tulin ambulan a gabansa da jeri a hannu, yana duba akwai ko babu. Ba zai tsaya karanta wasiƙarka ya gane kana da hazaƙa ba. A nan ne kuma za ka ga ranar rufewa da sa'arta, da inda ake ajiye dosiye. Idan a wani gari aka haife ka, lissafa kwanakin da kasiye zai ɗauka kafin ya iso hannunka tun kafin ka kashe ko dala.

Na biyu, hau zuwa wajen da aka zayyana aikin da mutum zai riƙa yi kullum. Sai na uku, ka zo kan siffofin wanda ake nema, ka ɗauki kowane layi ka tambaye shi: wane aiki ne a jerin can zai tsaya idan ba ni da wannan? Layin da ya samu abokinsa a jerin ayyuka na gaske ne, ko da an rubuta shi da laushi. Wanda bai samu ba, yawanci kwaɗayin mai rubutu ne, ko kuma an kwafo shi daga tsohuwar sanarwa.

Kalmomin Faransanci da ke gefen layi suna taimakawa. Inda ka ga exigé ko obligatoire, dole ne. Inda aka ce souhaité ko un atout, ana so ne kawai, rashinsa ba ya fitar da kai. Amma kada ka dogara da su kaɗai, don yawancin layuka babu ko ɗaya a gefensu.

Mu ɗauki misali. Wata ƙungiya na neman ma'aikacin karkara da zai zauna Dakwaro, yana bin ƙungiyoyin manoma da makiyaya. An rubuta: lisansi a aikin gona ko ilimin zamantakewa ko makamancinsa, aƙalla shekara 2 a aiki irin wannan, permin moto, Hausa, Fulatanci ko Buzanci, Turancin Ingilishi, Excel da manhajar cike fom a salula ta KoboCollect, sanin ƙa'idojin masu ba da tallafi, juriya ga matsin aiki. Mai nema kuma yana da lisansin aikin gona, ya yi bautar ƙasa, ya yi aikin ƙidaya na ɗan lokaci, yana tuƙa moto tun yana yaro amma bai taɓa yankar permi ba.

Lisansi ya wuce. Hausa ta wuce. Ingilishi fa? Duba jerin ayyuka: taro da manoma, cike fom a salula, rahoton wata zuwa ga shugaban shiri a Maraɗi. Babu inda Ingilishi ya shigo, saboda haka ka bar shi. Ƙa'idojin masu tallafi aikin akanta ne da shugaban shiri, shi ma ka bar shi. Fulatanci kuwa, ko da an sa shi cikin abin da ake so kawai, a arewacin Dakwaro wajen Bermo yana da nauyi, don da makiyaya za a yi magana. Ba ya hana ka ajiye dosiye, amma idan kana jin ko kaɗan ne, rubuta shi a fili. KoboCollect na gaske ne tunda cike fom na cikin aikin kullum, sai dai abu ne da ake koya cikin 'yan kwanaki a salular da ke hannunka, kuma wanda ya yi ƙidaya ya riga ya taɓa irinsa. Abin da zai kayar da wannan yaro shi ne permi, abin da ya fi rainawa. Iya tuƙi ba ya maye gurbin takarda, don ƙungiya ba ta ba mutum motonta ba tare da ita ba, saboda inshora.

Yanzu ga inda na fi ganin ana faɗuwa, wato shekarun aiki. Yaro ya ga "shekara 2" sai ya ce, "Yaya, ai ni ban taɓa aiki ba." Na ce masa, "Ƙanena, ɗauko biro mu lissafa." Bautar ƙasa da ya yi a ma'aikatar gona aiki ce, idan yana da takardar kammalawa. Sitaj na wata 6 aiki ne. Kwantiragin ƙidaya na wata 2 a Gidan Rumji da na wata 3 a Madarunfa aiki ne. Sau da yawa idan aka tara sai a tarar ya kai, ko ya rage kaɗan. Abin da ake ƙirgawa shi ne watan da ke da takardar shaida, mai ranar farawa da ranar gamawa. Wanda ya yi shekaru yana taimaka wa wani shiri ba tare da ya karɓi ko warƙa ɗaya ba, a idon mai tankaɗe bai yi komai ba. Don haka koma wajen waɗanda ka yi wa aiki ka nemi takardarka tun yau, kafin shirin ya rufe ofishinsa ya watse.

Idan lissafi ya ba ka wata 18 ko 20 a inda ake neman 24, ni ina cewa ka ajiye, musamman wajen kamfani ko ƙaramar ƙungiya, inda mai ɗauka shi ne mai karantawa. Idan ana neman shekara 5 kana da ɗaya, bar kuɗinka a aljihu. Lura kuma da abin da ya biyo bayan adadin. Shekara 2 kawai daban take da shekara 2 a matsayin shugaban tawaga. Ta biyun ba a cike ta da sitaj. Gasar shiga aikin gwamnati ita ma daban ce: difilom da iyakar shekarun haihuwa da aka rubuta doka ce, babu kusa babu nesa.

Layukan juriya, haɗin kai da riƙon amana ba su da takarda, ba sa fitar da kowa a tankaɗen farko. Tanadi labari ɗaya na gaske kan kowanne don ranar hira. A wasiƙar neman aiki ka sa sharuɗɗan gaske a sahun gaba, da irin kalmomin da sanarwar ta yi amfani da su, kada ka ɓata layi kana ba da haƙuri kan Ingilishin da ba ka da shi. Idan permi ne ya rage kuma ka riga ka shiga layin samunsa, faɗi haka a wasiƙar ka haɗa rasit ɗin, wasu na karɓa, wasu ba sa karɓa.