Darasi: Daga makin jarrabawa zuwa takardar matsayin aji

A kwalejoji da lisoshin Maraɗi, kamar sauran Nijar, ana ba da maki ne a kan 20. Idan an gama kwamfozisiyon, kowane malami yakan miƙa makin darasinsa, sai a haɗa su a takarda ɗaya: sunayen ɗalibai a gefen hagu daga sama zuwa ƙasa, darussa kuma a jere a kai. Kafin a taɓa lissafi, a tabbata duk makin a kan 20 suke. Malamin da ya yi gwaji a kan 10, sai a ninka makinsa biyu, 7 ta koma 14. Makarantu da yawa sukan haɗa matsakaicin makin da ɗalibi ya samu a gwaje-gwajen aji da makin kwamfozisiyon su raba biyu. Mai 13 da 15, makinsa na darasin 14 ne.

Inda aikin yake shi ne kwefisiyan, wato nauyin darasi. Yana canzawa daga aji zuwa aji. Don koyo, mu ɗauki darussa huɗu: Faransanci nauyi 4, lissafi 3, tarihi 2, motsa jiki 1. Jimillar nauyi 10 ke nan.

Wata yarinya ta sami 12, 14, 9 da 10. Ana ninka kowane maki da nauyinsa, a sami 48, 42, 18 da 10. Idan aka tara sun zama 118, a raba da 10, mwayan ɗinta, wato matsakaicin makinta, 11,80. Wani yaro kuma ya sami 9, 10, 15 da 18. Da ido za ka ce ya fi ta, domin makinsa tsura 52 ne, nata 45. Amma da aka ninka sai ya sami 36, 30, 30 da 18, jimilla 114, mwayan 11,40. Yarinyar ce a gaba, saboda ta yi ƙoƙari a darussa masu nauyi. Wanda ya manta ya raba 118 da yawan darussa, wato 4, zai ga 29,5. Duk mwayan da ya haura 20, da gani babu tambaya, an yi kure wajen rabawa.

Rashin zuwa jarrabawa daban, sifili daban. A ce likita ya hana yaron nan motsa jiki. Sai a cire darasin da nauyinsa gaba ɗaya: 96 a raba da 9, ya sami 10,67. Idan aka rubuta masa sifili kuwa, 96 a raba da 10 ne, ya faɗo 9,60, ƙasa da makin tsira, alhali ba shi da laifi.

Wajen jera matsayi, a rubuta kowane mwayan da lamba biyu bayan waƙafi. Dalili kuwa, mutum yakan ga 11,75 ya ɗauka ta fi 11,8, amma 11,8 ita ce 11,80. Idan biyu suka yi kunnen doki a matsayi na 2, dukansu na 2 ne, mai bi musu kuma na 4. Sannan a sa yabo. Daga 10 zuwa ƙasa da 12 ba laifi, zuwa ƙasa da 14 da dama, zuwa ƙasa da 16 da kyau, daga 16 zuwa sama da kyau ƙwarai. A bilitan da Faransanci ake rubuta su.

A ƙasan kowane darasi ana sa maki mafi girma, mafi ƙanƙanta, matsakaicin aji da yawan waɗanda suka kai 10. A ce ɗalibai 60 ne a rajista, 58 suka rubuta lissafi, jimillar makinsu 551. Da 58 ake rabawa, matsakaici 9,50. Idan 29 suka kai 10, kashi 50 cikin ɗari ke nan. Mai rabawa da 60 zai sami kashi 48,3, ya rage wa malamin lissafi haƙƙinsa.

Mai aiki da Excel na Faransanci, idan makin lissafi yana layin C, mwayan kuma yana layin G, ga abin da zai buga don samun matsayi, matsakaicin aji da yawan waɗanda suka kai 10:

```
=RANG(G2;G$2:G$61;0)
=MOYENNE(C2:C61)
=NB.SI(C2:C61;">=10")
```

Alamar $ ce ke riƙe iyakar jerin idan an ja dabarar zuwa ƙasa. In babu ita, matsayi zai rikice. Gidan wanda bai rubuta ba a bar shi fayau, domin MOYENNE tana tsallake gidan da babu kome, amma tana ƙirga sifili.

Aikin gwaji: ɗalibi ya sami 10, 8, 16 da 14 da nauyin da muka yi amfani da shi. Nawa ne mwayan ɗinsa, kuma shi ne na nawa a cikin su ukun?