Takaita karatun mako cikin minti 20 a waya

Idan kana haɗa karatu da aiki, kada ka fara daga shafin farko. Saita ƙararrawar waya, ka ba kanun darasi da sakin layin ƙarshe minti 5, jimlar farko ta kowane sakin layi minti 10, domin galibi a nan marubuci yake ajiye manufarsa. Sauran minti 5, rufe takardar ka naɗi muryarka kana bayani da Hausa, ko da darasin na Faransanci ne. Inda ka yi inda-inda, nan za ka koma.

Ni a shagonmu na babbar kasuwar Maraɗi nake yi, bayan Azahar, lokacin da ciniki ya lafa.

Amma wannan dabarar ba ta aiki a lissafi, inda tsallake layi ɗaya yake ɓata amsa.