Yadda ake gano dalilin da ya sa ribar haja take bambanta tsakanin tsarin FIFO da tsarin matsakaicin farashi idan sari yana tashi

Idan ɗan kasuwa ya sari kaya iri ɗaya sau biyu a farashi daban-daban, sannan ya sayar da wani ɓangare, dole ne akanta ya yanke shawarar kuɗin sarin da zai ɗora wa abin da ya fita da wanda zai bar wa abin da ya rage a sito. Ƙa'idar lissafin kuɗi ta duniya mai suna IAS 2 ta amince da hanyoyi biyu. Ta farko ita ce FIFO, wato a ɗauka cewa kayan da suka fara shigowa su ne suka fara fita. Ta biyu kuwa ita ce a fitar da matsakaicin farashi bisa yawan kayan da aka saro kowane karo.

Matakin farko shi ne a rubuta sarin bi da bi. A ce an saro kwali 100 a kan 50 kowanne, wato 5,000, daga baya farashi ya tashi aka saro kwali 200 a kan 65, wato 13,000. Ke nan akwai kwali 300 da suka ci 18,000. Sai aka sayar da kwali 180 a kan 90, ciniki ya kama 16,200, kuma wannan adadi ba ya canzawa ko da wace hanya aka bi.

Daga nan sai a lissafa kuɗin sarin abin da aka sayar a tsarin FIFO. Ana fara kwashe kwali 100 na farko a kan 50, wato 5,000, sannan a cika sauran 80 daga sari na biyu a kan 65, wato 5,200. Jimla 10,200 ke nan, don haka riba ta zama 6,000. Kwali 120 da suka rage duk na sabon farashi ne, darajarsu 7,800.

Mataki na uku shi ne fitar da matsakaici, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Wasu sukan haɗa 50 da 65 su raba biyu su sami 57.5, alhali kwalayen 65 sun ninka na 50 yawa. Daidai shi ne a raba 18,000 da 300, a sami 60. Kwali 180 a kan 60 sun ci 10,800, riba ta zama 5,400, sauran 120 kuma darajarsu 7,200. Hanyar gane kuskure mai sauƙi ce: kuɗin abin da aka sayar da darajar abin da ya rage, idan aka haɗa su, tilas su dawo 18,000. Wanda ya yi amfani da 57.5 zai tsaya a 17,250, ya rasa inda 750 suka shiga.

Yanzu a kwatanta. Ribar FIFO ta fi da 600, darajar kayan da suka rage ma ta fi da 600 ɗin nan, kuma ba dace aka yi ba. Uwar kuɗi ɗaya ce ake rabawa gida biyu, duk abin da bai tafi tare da kayan da aka sayar ba yana nan zaune a kan waɗanda suke sito. FIFO yana tura tsohon farashi mai sauƙi gaba ɗaya zuwa ga ciniki ya bar tsadar a sito, shi kuwa matsakaici yana gauraya su, sai wani kaso na tsadar ya fita tun yanzu. Idan daga baya aka sayar da kwali 120 ɗin ba tare da sabon sari ba, FIFO zai ɗora musu 7,800, matsakaici kuma 7,200, sai bambancin ya juye, jimillar ribar ta zo daidai. Amma muddin ana ci gaba da sari kuma farashi yana hawa, tazarar takan ci gaba da bayyana.

Abin da na fi so mai kasuwanci ya lura da shi shi ne, 600 ɗin nan ba kuɗi ba ne da suka ƙaru a aljihu, domin abin da aka biya da abin da aka karɓa ɗaya ne a lissafin biyu, sai dai harajin da ake yankawa bisa riba yana iya fin yawa a FIFO. Mayar da kwali 180 da suka fita a farashin 65 zai ci 11,700, wanda zai bar 4,500 kawai daga cinikin. Duk wanda ya cire 6,000 a matsayin riba ya kashe, to ya taɓa jarinsa da 1,500.

IAS 2 ta buƙaci a riƙe hanya ɗaya ga kayan da suke iri ɗaya kuma ake amfani da su iri ɗaya, saboda haka kafin a kwatanta ribar shekaru biyu ko ta kamfanoni biyu, sai a fara duba hanyar da aka bayyana a bayanan da ke rakiyar rahoton kuɗi.