Jar miyar mutum 100: inda lissafin "ninka sau goma" yake ba da kunya

Matar ƙanina ta iya jar miya, wannan kowa ya shaida a gidanmu da ke Tudun Wadan Gombe. Amma ranar sunan 'yarta, da ta ce ita za ta tsaya a kan tukunya, shinkafa ta dahu tun hantsi, miya kuwa har azahar tana tsululu, ga tsami, ga ƙauri. Abin da ta yi shi ne abin da yawancinmu muke yi: ta ɗauki kayan miyar mutum 10 ta ninka komai sau 10, har da gishiri, amma lokacin dahuwa ta bar shi yadda ta saba.

A fara lissafi daga kwano, ba daga kasuwa ba. Ludayin miya ɗaya da ake zuba wa mutum a kan shinkafa kamar mililita 150 ne, saboda haka mutum 100 na buƙatar lita 15 ta gamammiyar miya. Ɗanyen markaɗen tumatir, tattasai, attaruhu da albasa kuwa idan ya tsane sosai, wajen kashi ɗaya cikin uku ne yake saura. Ke nan markaɗe lita 30 zai koma kamar lita 10, a ƙara mai lita 3 da romon nama lita 3, an samu 16. Nama kilo 10, idan mahauci ya fitar da yanka 12 a kilo, yanka 120 ne, akwai na 'yan rakiya.

Babban kuskuren a tukunya yake. Ruwan tumatir ta saman tukunya kawai yake fita. Tukunyar gida mai faɗin santimita 25, markaɗe lita 3 zurfinsa a ciki kamar santimita 6 ne. Babbar tukunya mai faɗin 50 filin samanta sau huɗu kawai ya fi na ƙaramar, alhali kayan sun ninka sau goma, sai zurfin ya kai santimita 15. Shi ya sa abin da ke tsanewa cikin minti 25 a kicin yake cin sama da awa guda a murhun biki, wani lokaci awa biyu idan itacen ɗanye ne. Gara tukunya mai faɗi a kan mai zurfi, kuma ni a wurina tukwane biyu matsakaita sun fi ƙatuwa ɗaya da aka cika har wuya. A bar kashi ɗaya cikin uku na tukunyar babu komai, a kuma bar ta a buɗe. Mai rufe tukunyar tumatir ruwan da take son kora take mayarwa ciki. Tun a wurin niƙa ma a roƙi mai inji ya rage ruwa, domin duk kofin da ya ƙara itacenki ne zai biya.

Wata kuma sai ta juye ɗanyen markaɗen cikin mai, wai ya soyu a lokaci guda. Ba zai soyu ba, dahuwa zai yi, ƙasa na kamawa. A tafasa shi daban har ya yi kauri, sannan a soya. Ta soyu idan mai ya taso sama, jan ya yi duhu, tsamin ya tafi daga harshe. Kanwa tana kashe tsami, amma idan hannu ya zarce miya ta yi baƙi-baƙi da ɗanɗanon sabulu, kuma wannan ba shi da gyara. Idan an ji ƙauri kada a kankare ƙasan, a juye na sama a wata tukunyar a ci gaba.

Gishiri, magi da attaruhu a fara da kashi biyu cikin uku na abin da lissafi ya bayar, a cike bayan an zuba romo, tunda shi ma da gishirinsa. Kuma mutum ɗaya ce za ta riƙe gishiri. Na taɓa ganin gwaggo ta zuba, inna ta zo wucewa ita ma ta zuba.

Sai maganar kwana. Idan da safe za a ci, a tafasa markaɗe a soya nama tun yamma, a bar suyar miya zuwa bayan asuba. Ɗanyen markaɗe a bokiti ba ya jure zafin Maris da Afrilu, cikin 'yan awoyi zai fara kumfa. Miya lita 15 kuma da aka rufe a tukunya ɗaya, tsakiyarta da ɗumi za ta kwana, a nan ƙwayoyin cuta suke hayayyafa. A raba ta a faffaɗan kwanoni ta huce da wuri a sa a firji, idan babu wuta a ajiye ta a kan garwashi da zafinta, ba ɗumi-ɗumi ba. Wadda aka buɗe da safe aka tarar tana kumfa da warin tsami, sake tafasawa ba zai mayar da ita ta ci ba, zubarwa za a yi.